Wasiƙar Gayyata ta Ƙungiyar Masu Kallon Fim

Ƙungiyar masu kallon fim taro ne na mutanen da ke haɗuwa sau ɗaya a wata su kalli fim ɗaya tare, sannan su zauna su tattauna a kansa. Sakatare ko mai shirya zaman shi ne ke rubuta wa 'yan ƙungiya wasiƙar gayyata, yawanci kwana goma ko mako biyu kafin ranar. Wasiƙar gajera ce, shafi ɗaya ya ishe ta, amma ita ke yanke irin zaman da za a yi, domin da abin da ta faɗa mutane ke shigowa zauren.

Bayan sallama da gaisuwa, abu na farko shi ne jigon watan. Nan ne masu rubutu suka fi yin sakaci, sai su ce jigon shi ne "tarihi" ko "al'ada", kalmomin da suka yi faɗi har ba su nuna wa kowa inda zai sa ido. A ce ƙungiya a Kano ta zaɓi fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya ba da umarni a 1976, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Labarin yaro ne da aka sace, aka ƙetara hamada da shi, ya tashi a hannun wani Balarabe har ya zama babban malami, mahaifiyarsa kuwa ta fita nemansa ta faɗa cikin bauta. Mai shiri da ya san aikinsa zai mai da jigon tambaya: bautar da ta zama sanadin ilimin ɗa, ta kuma zama sanadin wahalar uwa, yaya fim ɗin ya nuna ta? Wanda ya karanta wannan zai zo yana lura da uwar, ba ɗan kaɗai ba. Sai dai wasiƙar kada ta faɗi yadda labarin ya ƙare, kada kuma mai shirin ya bayyana nasa hukuncin, don idan ya riga kowa magana, masu kunya za su bi bayansa kawai.

Sai lokaci, wanda lissafi ne. Shaihu Umar yana cin kusan awa biyu da minti ashirin. Idan aka fara bayan La'asar, da ƙarfe huɗu da kwata, zai ƙare dab da kiran Magariba, jama'a su tashi salla, kuma kaɗan ne ke dawowa, musamman mata da masu zuwa daga nesa. An yi kallo ke nan, ba a yi tattaunawa ba. Idan kuwa aka sa ƙarfe goma na safiyar Asabar, fim zai ƙare kafin sha biyu da rabi, a sami awa guda cur ta magana kafin Azahar. Saboda haka wasiƙa mai kyau tana ba da lokuta uku: na buɗe ƙofa, na kunna fim, da na tashi. Na ƙarshen shi ne wanda magidanci da matar aure suke dubawa kafin su amsa gayya.

Akwai kuma abin da ya wajaba a sanar tun da wuri. Idan wata mai zuwa za a nuna Sarraounia na Med Hondo, fim ɗin 1986 da aka ɗauko daga littafin Abdoulaye Mamani a kan sarauniyar Lugu da ta tsaya wa sojojin Faransa a 1899, mai karatu zai ɗauka da Hausa aka yi shi, tunda labarin ƙasar Arewa ne a Nijar. Alhali a Burkina Faso aka ɗauke shi, kuma akwai Faransanci da yawa a ciki. Dole wasiƙar ta faɗi harshen fassarar da za ta fito a ƙasan allo, ta kuma yi gargaɗi cewa akwai kisa da ƙone garuruwa, domin mai niyyar zuwa da yara ya sake shawara.

Ragowar bayani a taƙaice ake yin sa: wurin zama da kwatancensa, abin da kowa zai bayar na man janareta da ruwan sha, da ranar ƙarshe ta sanar da zuwa, don a san yawan kujeru. Idan za a gayyaci baƙi ko a karɓi kuɗin shiga, zaman ya tashi daga na 'yan ƙungiya ya koma nunin jama'a, wanda ke buƙatar izinin mai haƙƙin fim, a Kano kuma har da tuntuɓar Hukumar Tace Fina-finai ta jiha.

Ana gane wasiƙar da ta gaza tun kafin ranar zama: mutane za su yi ta kiran mai shiri suna tambayar ƙarfe nawa za a tashi, ko da wane harshe aka yi fim ɗin. Duk tambayar da mutum biyu suka yi, wurinta na cikin wasiƙar wata mai zuwa.