Kwaɗon da Ke Ƙin Buɗuwa

Wani ɗan Kantin Kwari, mai sayar da atamfa, ya yi ta mafarkin ya iso shagonsa da safe, kwaɗo ya ƙi buɗuwa, masu saye na wucewa. Da abin ya ishe shi, sai ya gaya wa yayansa.

Yayan ya ce, "Ɗauko littafin bashi mu gani."

Nan suka tarar rabin jarinsa na hannun 'yan sari, wasu tun kafin azumi. Ciniki kullum ana yi, amma kuɗin saro sabon kaya babu. Wannan ita ce cutar da ke kashe shago a tsaye.

Daga ranar ya daina ba mai tsohon bashi kaya, sai ya biya.