Kafin A Ajiye Kwantena: Ƙidayar Masu Wucewa Da Auna Maƙwabta

Ƙaramin shago irin na katako ko kwantena, wanda ake sayar da ruwan leda, burodi, sukari, omo da katin waya, ba shi da ƙarfin jawo mutum daga nesa. Wanda ya biyo ta gabansa shi ne mai sayensa. Saboda haka ake fara ƙidayar masu wucewa tun kafin a biya kuɗin haya ko a kira mai walda.

Ƙidayar ba ta buƙatar komai sai littafi, biro da agogo. Mai neman wuri zai zauna daidai inda yake son kafa shagon, ya riƙa jan layi ɗaya a kan kowane mutum da ya wuce a ƙasa, na tsawon minti 15, sannan ya ninka sau huɗu ya sami na awa ɗaya. Ana maimaitawa da safe lokacin tafiya makaranta da aiki, da azahar, da bayan la'asar, da kuma tsakanin magariba da isha, lokacin da cinikin unguwa ya fi kankama. Kwana ɗaya ba ya isa. Juma'a takan cika hanyar masallaci ta ruɗi mai ƙidaya, Lahadi kuma takan kwashe ma'aikata da 'yan makarantar boko. Wurin da ke jingine da wata makaranta, kamar bakin ƙofar Jami'ar Bayero a Kano, ya kamata a tuna cewa yana da watannin hutu.

Sai dai ba kowane mai wucewa ne mai saye ba, kuma a nan ne yawancin masu lissafi ke tuntuɓe. Wanda ke cikin adaidaita sahu ba ya shiga ƙidaya. Haka wanda ke tsallaken titin da aka raba da shinge, don ba zai tsallako saboda ruwan leda ɗaya ba. Mai sauri zuwa tasha ya bambanta da mai jiran mota, kuma gefen da ke samun inuwa da yamma ya fi tara jama'a.

Hanyar gane masu tsayawa ita ce kallon shagunan da suka riga suka kafu. A ƙirga duk masu sayar da kaya iri ɗaya a tazarar da mutum zai taka cikin minti biyu ko uku, har da masu tebur da matan da ke sayarwa a cikin gida, waɗanda ba a ganinsu sai an lura da inda yaran aike ke shiga. Sannan a ƙirga mutum nawa ke miƙa kuɗi a awa.

A ɗauki misalin wurare biyu. Na farko a bakin babban titi ne, mutum 400 ke wucewa a awa, amma shaguna uku da ke wurin gaba ɗayansu mutum 8 suke samu. Idan sabon shiga ya zama na huɗu aka raba daidai, rabonsa mutum 2. Na biyu bakin layin unguwa ne kusa da masallaci da makarantar Islamiyya, masu wucewa 120 ne kacal, amma shago ɗaya tilo da ke wurin yana sallamar mutum 12 a awa. A nan ma bai kamata a yi zaton rabi da rabi ba, domin tsohon mai shago yana da littafin bashi, wanda ake bi kuɗin sukari kuwa ba ya saurin sauya wurin saye. A ba sabon shiga kashi ɗaya cikin uku, wato mutum 4. A awa goma, wuri na farko ya ba da masu saye 20, na biyu 40. In ribar kowane ciniki ta kai naira 100, ana maganar 2,000 da 4,000 ke nan a rana, ga shi kuma hayar bakin titi ta fi tsada.

Yawan abokan gasa ba kullum yake zama illa ba. Mai kayan waya ya fi samun ciniki a Farm Centre cikin ɗaruruwan irinsa, kamar yadda mai atamfa yake samu a Kantin Kwari, saboda mai saye yana zuwa takanas don ya kwatanta farashi. Burodi da omo kuwa ba a zagayen kasuwa dominsu, sai mafi kusa.

Rashin shago sam a wuri mai jama'a ma abin tambaya ne. Kwantenar da ta yi tsatsa a rufe, ko daɓen siminti da aka tashi aka bari, na nuna wani ya gwada. Mai shayi ko mai faci da ya daɗe a wurin zai faɗi dalili: ko ruwa na kwanciya da damina, ko ɓarayi, ko kuma filin na gefen titi ne ko kan magudanar ruwa da hukuma ke rushewa. A Kano, hukumar tsara birane ta KNUPDA ce ke kula da irin wannan gini, kuma ana tabbatar da matsayin filin a wurinta da ƙaramar hukuma kafin a zuba siminti.