Zanen Radar: Kyan Gani, Wuyar Karantawa

A sharhin ƙwallo akan zana ɗan wasa cikin da'ira mai kama da saƙar gizo-gizo: gudu, bugu, tsaro, kowanne da layinsa daga tsakiya. Wannan shi ne zanen radar.

Ido yakan bi faɗin filin da aka shafe da launi, nan kuwa yaudarar take. Idan makin wani ya ninka na abokinsa a kowane layi, filinsa ninki huɗu zai yi. Sauya jerin layukan kawai ma yana sauya siffar, alhali alƙaluman ba su motsa ba.

Zanen sanduna da suka tashi daga tushe ɗaya, jere daga babba zuwa ƙarami, ya fi faɗin gaskiya.