Daga Wane Sito Za A Ɗauki Kaya? Yadda Ake Sa Excel Ya Rage Kuɗin Mota

Duk dilan da ke da sito fiye da ɗaya ya san wannan tambayar: oda ta shigo daga garuruwa uku, kaya na jibge a wurare biyu, to buhu nawa za a ɗauka daga ina zuwa ina? Akasari da ka ake yanke hukunci. A duba hanyar da ta fi arha a cika ta, sannan a koma ta biye da ita. Dabarar tana da kama da hankali, amma sau da yawa tana sa a biya fiye da yadda ya kamata.

Masana lissafi sun daɗe da warware matsalar. Leonid Kantorovich na Tarayyar Sobiyat ya yi aiki a kan irinta tun 1939, Ba'amurke Frank Hitchcock ya tsara ta a 1941 a siffar da ake koyarwa yau, sannan a 1947 George Dantzig ya fito da hanyar warwarewar da har yanzu kwamfutoci ke bi. Hanyar nan tana cikin Excel, a wani ɗan ƙari mai suna Solver. Lissafin ba ya ba kwamfuta wahala ko kaɗan. Inda ake tuntuɓe shi ne wajen gaya mata sharuɗɗan, kuma a nan za mu fi tsayawa.

Mu ɗauki misalin dilan takin zamani. Alƙaluman na misali ne, ba farashin tasha ba. Yana da buhu 600 a sitonsa na Kano da 500 a na Zariya. Abokan cinikinsa sun nemi buhu 400 a Katsina, 350 a Gusau, 250 a Jos. Wato yana da 1,100, ana neman 1,000. Kuɗin kai buhu ɗaya daga Kano naira 700 ne zuwa Katsina, 900 zuwa Gusau, 1,300 zuwa Jos. Daga Zariya kuwa 1,000 ne zuwa Katsina, 800 zuwa Gusau, 1,000 zuwa Jos.

Mai bin arha zai fara da Kano zuwa Katsina, buhu 400. Sai Zariya zuwa Gusau, buhu 350. Saura 150 a Zariya, ya tura su Jos, ya cike ragowar 100 daga Kano a kan 1,300. Jimilla naira 840,000. A riƙe wannan adadin.

A shafin Excel jadawali biyu ake yi masu siffa ɗaya. Na farko na kuɗin mota ne: farashin Kano a gidajen B3 zuwa D3, na Zariya a B4 zuwa D4, garuruwan uku a jere a sama. Na biyu, B8 zuwa D9, shi ne na adadin buhunan da za a tura a kowace hanya. Waɗannan gidaje shida a bar su babu komai, Solver ne zai cike su. A E8 da E9 a haɗa abin da ya fita daga kowane sito, a rubuta abin da siton ke da shi a gefensu, F8 da F9. A B10 zuwa D10 a haɗa abin da ya isa kowane gari, a rubuta odarsa a ƙasa, B11 zuwa D11. Gidan B13 kuma ya ɗauki kuɗin duka.

```
E8:   =SUM(B8:D8)
B10:  =SUM(B8:B9)
B13:  =SUMPRODUCT(B3:D4,B8:D9)
```

A ja E8 ƙasa zuwa E9, a ja B10 gefe zuwa D10. Aikin SUMPRODUCT shi ne ya ninka kowane farashi da adadin buhun da ke daidai da shi, ya tara. Saboda haka dole jerin garuruwan ya zama iri ɗaya a jadawalin biyu. In Gusau ce ta biyu a sama amma ta uku a ƙasa, Excel ba zai yi ƙorafi ba, zai dai riƙa cajin kayan Gusau kuɗin Jos.

Idan ba a ga Solver a ƙarƙashin Data ba, sai a kunna shi ta File, Options, Add-ins. Da ya buɗe, a sa B13 a Set Objective, a zaɓi Min, a sa B8:D9 a By Changing Variable Cells, a zaɓi Simplex LP a matsayin hanyar warwarewa. Hanyar ta dace ne domin a lissafinmu komai miƙaƙƙe ne: buhu biyu kuɗinsu ninkin na buhu ɗaya ne, babu rangwame, babu ƙari. Sharuɗɗan kuma biyu ne kacal.

```
$E$8:$E$9 <= $F$8:$F$9
$B$10:$D$10 >= $B$11:$D$11
```

Na farko yana cewa sito ba zai fitar da fiye da abin da ke cikinsa ba, amma yana iya fitar da ƙasa da haka. Na biyu yana cewa kowane gari sai ya sami aƙalla abin da ya nema. Akwai na uku da ba a rubutawa, alama kawai ake sawa a akwatin Make Unconstrained Variables Non-Negative, wato kada adadin buhu ya gaza sifili.

Ana danna Solve, amsa za ta fito: Kano ta kai 400 Katsina da 100 Gusau, Zariya ta kai 250 Gusau da 250 Jos. Buhu 100 sun rage a Kano. Kuɗin duka naira 820,000, wato an rage 20,000.

Daga ina ragin ya fito? Zariya ta fi Kano arha zuwa Gusau da zuwa Jos duka, amma kayanta ba za su ishi garuruwan biyu ba. Idan Kano ta karɓi wani ɓangare na Gusau, ƙarin naira 100 ne a kan buhu. Idan na Jos ta karɓa, ƙarin 300 ne. Ashe kamata ya yi Zariya ta fara sallamar Jos, ko da yake hanyar Gusau ta fi arha a ido. A jadawali mai hanya shida mutum zai iya gano wannan da biro da takarda. A mai sito biyar da gari goma sha biyu, hanya sittin ke nan, da wuya.

Yanzu ga inda ake yin ɓarna. Solver kamar yaron shago ne mai tsananin biyayya: abin da aka faɗa zai yi, ba abin da ake nufi ba. Idan aka juya alamar sharaɗi na biyu ta koma <=, an ce masa kada ya kai wa kowa fiye da odarsa, ba a ce lallai ya kai komai ba. Hanya mafi arha a nan ita ce kada mota ta tashi. Zai cike gidajen da sifili, kuɗin duka sifili, ya kuma sanar da cewa ya sami amsa. Idan aka sa = a sharuɗɗan biyu, an nemi ya fitar da 1,100 daidai kuma ya sauke 1,000 daidai, abin da ba zai yiwu ba, sai ya amsa da Solver could not find a feasible solution. Idan kuma aka cire alamar hana gaza sifili, zai fara "dawo" da kaya daga Jos zuwa Kano a takarda yana karɓar kuɗin mota, kuɗin ya yi ta sauka ba iyaka, har ya ce The Objective Cell values do not converge.

Waɗannan ukun suna tona asirin kansu. Wanda ya fi su haɗari shi ne sa = a kan sito, a bar >= a kan garuruwa. Amsar za ta fito tsaf, babu gargaɗi, kuɗi naira 890,000. Abin da ya faru shi ne an tilasta wa Kano kwashe sitonta gaba ɗaya, sai Solver ya nemi wuri mafi arha ya zuba rarar buhu 100, ya kai wa Katsina 500 alhali 400 ta nema. Wanda ya kalli B13 kaɗai ba zai gane ba. Sai an gwama layi na 10 da na 11, gida da gida. A ganina wannan dubawar wajibi ce bayan kowane Solve, ko da saƙon ya ce komai daidai ne.

Wani tarkon shi ne hanyar da ba a bi. A ce gada ta karye, ko direbobi sun ƙi bin wata hanya saboda tsaro. Mutum sai ya goge farashinta ya bar gidan fayau. SUMPRODUCT yana ɗaukar gidan da babu komai a matsayin sifili, don haka hanyar da aka rufe ta zama ta kyauta, Solver kuwa zai loda mata kaya iya iyawarsa. Gyaran shi ne a ƙara sharaɗin cewa gidan buhunan wannan hanya = 0, ko a sa mata farashi mai tsananin tsada kamar 999999.

To idan oda ta fi kaya yawa fa, kamar yadda ake gani da faɗuwar damina? A ce Gusau ta ƙara odarta zuwa 550. Ana neman 1,200, akwai 1,100, Solver zai ce babu mafita, kuma gaskiyarsa ne. Abin da ake yi shi ne a ƙara layin sito na uku, na boge, mai buhu 100, a faɗaɗa dabarun haɗawa da sharuɗɗan su haɗa da shi. Duk garin da aka "kai wa" kaya daga wannan sito, shi ne zai yi haƙuri da giɓin. Sai dai a lura: idan farashin siton bogen sifili ne a ko'ina, giɓin zai faɗa kan wanda kai masa kaya ya fi tsada, a misalinmu Jos. In mutumin Jos tsohon abokin ciniki ne mai biya lakadan, wannan ba hukuncin da za a bar wa kuɗin mota ba ne. Sai a rubuta a gidansa kimanin asarar da za a yi a kan kowane buhun da aka hana shi, a yi wa sauran garuruwan haka, lissafin ya auna.

Kafin a rufe akwatin amsa, yana da kyau a zaɓi rahoton Sensitivity. A ƙarƙashin Shadow Price na misalinmu na farko, Kano za ta nuna sifili, domin tana da rara. Zariya za ta nuna -100, ma'ana kowane ƙarin buhu a can zai rage kuɗin mota da naira 100, har zuwa buhu 100. Jos za ta nuna 1,100, ba 1,000 ba, domin duk buhun da aka ƙara mata daga rabon Gusau za a cire shi, Kano ta cike. Dilan da zai yanka wa mutumin Jos farashin ƙarin oda, 1,100 ya kamata ya lissafa.

Ba a buƙatar sharaɗin int don hana rabin buhu. Muddin kaya da oda cikakkun lambobi ne, Simplex LP zai ba da cikakkun lambobi da kansa. Iyakar tsarin a wani wuri take. Solver ɗin da ke zuwa da Excel ba ya karɓar gidaje masu canzawa fiye da 200, wato sito 10 da gari 20. Sannan lissafin ya ɗauka da buhu ake biya. Idan shatar mota ake yi, kuɗin tirela ɗaya ne ko ta cika ko ba ta cika ba, to buhu 100 na Kano zuwa Gusau ba za su tsaya a 900 kowanne ba. Mai ɗaukar shata sai ya sake gina jadawalin a kan adadin motoci, kuma a nan ne int ke zama dole.