Mudu Ɗaya, Nauyi Daban: Yadda Ake Mayar da Kofi da Cokali Giram

Duk wanda ya taɓa zuwa awo a kasuwar hatsi ya san mudun gero da mudun dusa ba nauyinsu ɗaya ba, ko da kuwa da kwano guda aka auna su. Ya kuma san hannun mai awo yana da tasiri: wani ya girgiza kwanon ya danna har ya yi tozo, wani ya zuba sakwa-sakwa ya shafe baki. Ga shi kuma kwanon wannan gari ba lallai ya zo daidai da na wancan ba. Kofin da ake rubutawa a littattafan girki mudu ne ƙarami, kuma duk waɗannan halaye uku ya gaje su. Mai gashin kek ko burodi da ta sayi sikelin kicin, ta fara neman sanin giram nawa ne a kofi ɗaya, sai ta fara da yarda cewa tambayar ba ta da amsa guda. Kofi cika yake aunawa, sikeli kuwa nauyi, kuma tsakaninsu akwai taki biyu da ba a tsallake ɗaya.

Takin farko shi ne gane kofin wace ƙasa ake nufi. Na Amurka ya kusa mililita 237, ana kuma cike shi zuwa 240 don sauƙin lissafi. Na Ostareliya 250 ne, na Japan 200. Babban cokalin awo mililita 15 ne a yawancin wurare, amma a Ostareliya 20 ne, ƙaramin cokali kuwa 5 ne kusan ko'ina. A ma'aunin Amurka ƙananan cokula 3 ke yin babba ɗaya, manya 16 su yi kofi. Idan littafi bai faɗi asalinsa ba, a duba zafin tanda: wanda ya ce a gasa a kan 350 kusan tabbas na Amurka ne, domin a ma'aunin Salshiyos da muka saba da shi wannan zafin wajen 180 ne. A nan gida kuma akwai wani tarkon. Idan uwargida ta ce kofi, sau da yawa gwangwanin madarar ruwa take nufi, wanda bai kai mililita 200 ba. Wadda ta ɗauko wannan gwangwani ta bi littafin Amurka da shi, ta rage kayan tun ba ta kunna wuta ba, alhali ƙwan da za ta fasa yana nan yadda aka rubuta.

Taki na biyu ya fi cin mutane. Ruwa ne kawai mililita ɗayansa yake daidai da giram ɗaya. Madara ta ɗan ɗara shi, kofin Amurka wajen giram 245. Man gyaɗa ya fi ruwa rashin nauyi, shi ya sa yake tasowa samansa, kofinsa wajen giram 220. Zuma kuwa ta kai giram 340. Sukari 200 ne, bota 227. Fulawa ce can ƙasa, giram 120 zuwa 125 kacal, domin fiye da rabin abin da ke cikin kofin fulawa iska ce.

Kuma a kan fulawar ce hannun mai awo yake nuna kansa. Ƙwayar sukari ba ta matsuwa sosai, ko ya aka ɗiba bambancin kaɗan ne. Fulawa kuwa idan aka motsa ta, aka riƙa zuba ta a kofi da cokali, aka shafe bakin da bayan wuƙa, za a sami wajen giram 120. Idan aka cusa kofin cikin buhu aka kwaso, tana iya kai 150, a kofi guda, da fulawa guda. Wannan ne dalilin da kek ɗin jiya zai yi laushi, na yau ya fito da tauri, mai yi tana rantsuwa ba ta canza komai ba. Gaskiya ta faɗa, kofi biyu ta zuba duka ranakun, hannunta ne ya bambanta.

Mu ɗauki kek mai sauƙi daga littafin Amurka: fulawa kofi 2, sukari kofi 1, bota rabin kofi, madara kashi uku cikin huɗu na kofi, ƙwai 2, bakin hoda ƙaramin cokali 2, gishiri rabin ƙaramin cokali. Fulawa 120 sau biyu, giram 240 ke nan. Sukari 200. Bota rabin 227, a ce 113. Madara kashi uku cikin huɗu na 240 mililita 180 ne, a sikeli kuwa wajen giram 185. Yanzu a ɗora roba a kan sikeli, a tabbatar yana kan g, a danna maɓallin TARE ya koma sifili, a zuba fulawa har ta kai 240. Haka za a yi wa kowane abu, a mayar da sikeli sifili kafin a zuba na gaba. Ni dai ina ganin ya fi a auna kowanne a kwanonsa kafin a haɗa, domin madarar da ta zarce a cikin kwaɓi ba ta ɗebuwa.

Wadda ta ji an ce kofi 240 ne, ta ɗauka giram 240 ne ga komai, za ta zuba fulawa giram 480, ninki biyu cif. Wannan kuskure ba ya ɓuya, kwaɓin zai daskare kamar na cincin, muciya ma ta ƙi juyawa. Wanda ya fi ɓoyuwa shi ne na kwasowa daga buhu: 150 sau biyu 300 ne, an ƙara giram 60, wato rabin kofi ya shiga ba a sani ba. Alamarsa ita ce kwaɓin ya ƙi zubowa daga cokali, kek ya yi tudu a tsakiya ya tsage, washegari ya bushe yana marmashewa. Idan kuwa fulawar ta gaza, kwaɓin zai tsinke, kek ya tashi sannan ya lotsa a tsakiya.

Ba duk marubuta ne suka yarda da 120 ba, wasu 125 suke nufi, wasu 140. In littafin ya ba da nasa jadawalin, shi za a bi, don da nasa hannun ya gwada. In bai bayar ba, a fara da 120, a kalli kwaɓin, a rubuta adadin da ya yi daidai a gefen shafin da biro.

A yi hattara da alamar ml da wasu sikeloli ke nunawa. Sikeli ba ya ganin cika, nauyi yake ji, sai ya lissafa kamar ruwa aka ɗora masa. Idan aka zuba zuma har ya nuna 240, abin da ke robar bai wuce mililita 170 ba.

Ga ƙananan abubuwa kuma, kada a jefar da cokalin awo. Ƙaramin cokalin bakin hoda wajen giram 4 ne, na yis busasshe wajen 3, na gishiri mai laushi wajen 6. Yawancin sikelin kicin giram ɗaya-ɗaya yake tafiya, don haka rabin cokalin gishiri, mai giram 3, yana iya nuna 2 ko 4, kuskuren kashi ɗaya cikin uku ke nan a abin da harshe ke saurin ganewa. Duk abin da bai kai giram 10 ba a bar shi a cokalin awo, a shafe bakinsa, kuma ban da cokalin cin abinci, don kowane gida da girman nasa.