Yadda Ake Adana Rubutun Hausa da Aka Kwaso Daga Intanet Ba Tare da Ƙugiya Ta Lalace Ba

Haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ da ake rubutawa a Jamhuriyar Nijar, su ne suka fi shan wahala idan aka kwaso rubutun Hausa daga shafukan intanet aka zuba a fayil. Ɗalibin da ke tattara kanun labarai don binciken digiri, ko mai haɗa ƙamus, yakan rubuta ɗan gajeren shiri da harshen Python ya kwaso masa dubban jimloli. Ko da ya buɗe fayil ɗin, sai ya tarar "ƙasa" ta koma "Æ™asa", "ɗari" ta koma "É—ari". Galibi laifin ba na shafin ba ne, ba kuma na Hausa ba. Matsalar tana wurin tsarin da aka bi wajen mayar da haruffa lambobi, da wanda aka bi wajen dawo da su.

Kwamfuta ba ta ajiye harafi, lamba take ajiyewa, kuma tana ajiye ta ne a ƙananan gurabe da ake kira bayit. Kowane bayit yana ɗaukar lamba ɗaya daga 0 zuwa 255. Tsohon jadawalin ASCII na Amurka, wanda ya fito a 1963, gurabe 128 kawai gare shi, sun ishi haruffan Turanci da alƙaluma da alamomin rubutu. Daga baya aka faɗaɗa shi zuwa 256 domin harsunan Yammacin Turai, aka samu jadawalai irin su ISO-8859-1 da Windows-1252, wanda ake gani a allo da sunan ANSI ko cp1252. A cikinsu akwai é da ñ da Æ, amma babu ƙugiya ko ɗaya.

Unicode, da aka fara fitarwa a 1991, shi ya ba kowane harafi na duniya lambarsa. Harafin k lambarsa 107, ƙ kuwa 409, ɓ 595, ɗ 599. Duk waɗannan ukun sun haura 255, don haka bayit ɗaya ba ya ɗaukarsu. Tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka ƙirƙira a 1992, ya warware wannan ta hanyar barin haruffan ASCII a bayit ɗaya kamar da, ya ba haruffa irin namu bayit biyu. A UTF-8, ƙ tana zama 198 da 153. Kalmar "ƙasa" haruffa huɗu ce, amma a fayil bayit biyar take ci.

To, fayil ɗin rubutu zalla ba ya ɗauke da bayanin tsarin da aka rubuta shi da shi. Kamar takarda ce da aka rubuta 500 a kanta ba a ce naira ko sefa ba, mai karɓa ne zai yi hasashe. Idan manhajar da ta buɗe fayil ɗin ta ɗauka Windows-1252 ne, sai ta karanta kowane bayit shi kaɗai: 198 a jadawalinta Æ ce, 153 kuma ™. Haka ƙ take zama Æ™, ɗ ta zama É—, ɓ ta zama É“, ƴ ta zama Æ´. Jimlar "Ɗalibai ɗari sun ƙaura" sai ta fito "ÆŠalibai É—ari sun Æ™aura". Sauran haruffan ba su taɓu ba domin lambarsu ɗaya ce a duka tsarin biyu, shi ya sa mai aikin kan daɗe bai lura ba, musamman idan rabin shafukan da ya kwaso da ma ba sa sanya ƙugiya. Waƙafin sama mai lanƙwasa da wasu shafukan Najeriya ke rubuta ’ya’ya da shi ma yana faɗawa wannan rami, yakan fito â€™yaâ€™ya.

Rubutun da aka kwaso yana ratsa ƙofofi uku kafin ya iso idon mai karatu, kuma a kowacce ana iya yin hasashen da bai dace ba. Ta farko ita ce lokacin karɓo shafin. Kayan aikin `requests`, wanda aka fi amfani da shi a Python, yana duba bayanin da uwar garke ta aiko tare da shafin. Idan ta ce rubutu ne amma ba ta faɗi tsarinsa ba, sai ya ɗauka ISO-8859-1 ne. Wannan ɓarnar tana da wata alama ta daban: a ISO-8859-1 lambar 153 ba ta da siffar da ido ke gani, don haka sau da yawa "ƙasa" kan fito "Æasa", kamar an haɗiye rabin harafin. Maganin shi ne a duba `r.encoding`, idan shafin UTF-8 ne, kamar yadda mafi yawan shafukan yau suke, a faɗa masa ƙarara kafin a taɓa rubutun.

Ƙofa ta biyu ita ce rubutawa a fayil. A kan Windows, umarnin `open()` na Python ya daɗe yana bin tsarin da kwamfutar ta zo da shi idan ba a gaya masa komai ba, kuma a kwamfutocin da ke aiki da Turanci ko Faransanci wannan cp1252 ne. Da ya ci karo da ƙ sai aikin ya tsaya da wannan saƙo:

```
UnicodeEncodeError: 'charmap' codec can't encode character '\u0199'
```

Alamar `\u0199` sunan ƙ ne a rubutun Unicode, saƙon kuma cewa yake yi jadawalin da ake amfani da shi ba shi da gurbin wannan harafi. Gyaran ƙofofin biyu bai wuce layuka kaɗan ba, inda `adireshi` yake riƙe da adireshin shafin:

```python
r = requests.get(adireshi)
r.encoding = "utf-8"
with open("labarai.txt", "w", encoding="utf-8") as f:
    f.write(r.text)
```

A nan ne ake tafka kuskuren da ya fi kowanne muni. Mai aikin da saƙon ya dame shi yakan ƙara `errors="ignore"` ko `errors="replace"` don shirin ya wuce. Shirin kuwa zai wuce lami lafiya, amma na farkon yana zubar da harafin gaba ɗaya, "ƙasa" ta zama "asa", na biyun kuma yana sa alamar tambaya a madadinsa. Wanda ya tarar da "?ari" a fayil ba shi da hanyar sanin ɗari ce, ko ƙari, ko ɓari, sai ya koma ga ma'anar jimla, kuma a jimloli dubu hamsin wannan ba aikin da za a yi da hannu ba ne. Gwamma shirin ya tsaya ya yi ƙorafi, domin saƙon kuskuren kariya ce ga rubutun. Haka abin yake ga wanda ya manna rubutu a Notepad ya zaɓi ANSI a akwatin Encoding lokacin adanawa: manhajar za ta yi gargaɗi, in an yi biris da shi ƙugiyoyin su salwanta. Tun sabuntawar Windows 10 ta 2019 Notepad kan zaɓi UTF-8 da kansa, amma tsofaffin kwamfutoci suna nan birjik a ofisoshi da shagunan buga takardu.

Ƙofa ta uku ita ce buɗewa, kuma Excel ne ya fi ruɗa mutane a nan. Ana iya rubuta fayil ɗin CSV daidai da UTF-8, a danna shi sau biyu, Excel ya nuna Æ™ ko'ina. Fayil ɗin lafiyarsa ƙalau, Excel ne ya karanta shi da ANSI domin bai ga alamar da yake nema ba. Alamar bayit uku ce, 239 da 187 da 191, ana sa su a farkon fayil, ana kiransu BOM. Python yana sa su da kansa idan aka canza sunan tsarin:

```python
open("labarai.csv", "w", encoding="utf-8-sig", newline="")
```

Idan fayil ɗin ya riga ya wanzu ba tare da alamar ba, sai a buɗe Excel tukuna, a shiga Data, a zaɓi From Text/CSV, a sa File Origin a kan 65001: Unicode (UTF-8). Abin da ya kamata a kiyaye shi ne kada a adana fayil ɗin alhali yana nuna ɓatattun haruffa, domin yin haka zai mayar da kuskuren gani ya zama kuskuren da ke rubuce. Wajen fitar da CSV daga Excel kuma, zaɓin da ya dace shi ne CSV UTF-8 (Comma delimited). Ita BOM ɗin tana da nata cikas: shirin da bai san da ita ba yana iya manna ta a jikin kalmar farko, wani lokacin a ga ï»¿ a farkon layi. Don haka `utf-8-sig` na fayil ɗin da mutum zai buɗe a Excel ne, `utf-8` zalla kuma na wanda wani shiri zai karanta.

Siffar ɓarnar tana faɗin ko akwai sauran gyara. Idan ana ganin Æ™ da É—, lambobin asali suna nan, kawai an karanta su da jadawalin da ba nasu ba ne, kuma ana iya juya aikin baya:

```python
"Æ™asa".encode("cp1252").decode("utf-8")
```

Wannan zai dawo da "ƙasa". Idan ɓarnar daga `requests` ta fito, `latin-1` za a sa a madadin `cp1252`. Hanyar tana da iyaka a wurin babbar Ɓ, domin bayit ɗinta na biyu, 129, ba shi da harafi a Windows-1252, kuma wasu manhajoji kan zubar da shi ko su musanya shi, ta yadda kalma irin "Ɓarayi" ba za ta gyaru ba. Idan kuwa alamar tambaya ake gani, ko baƙin lu'ulu'un nan �, to lambar ta riga ta tafi, sai dai a sake kwaso shafin. Saboda wannan ne yake da kyau a ajiye ɗanyen shafin yadda ya zo, wato `r.content`, kafin a fara sarrafa shi.

Akwai abubuwa biyu da suke kama da ɓarna alhali ba ita ba ce. Ƙaramin akwati fanko a gurbin ƙ yana nufin zubin haruffan da aka zaɓa ba shi da zanen ƙugiya, kuma canza zubin kawai ya wadatar. Haka nan ganin `\u0199asa` a fayil ɗin JSON ba lalacewa ba ce, hanyar da `json.dump` ke rubuta duk harafin da ba na ASCII ba ce, kuma zai koma ƙ idan aka karanta shi. Mai son ganin haruffan da idonsa sai ya ƙara `ensure_ascii=False`, tare da buɗe fayil ɗin da `utf-8`.

Kafin a saki shiri ya kwaso dubban shafuka, ana gwada shi da shafi ɗaya da aka tabbatar yana ɗauke da ƙugiya, manya da ƙanana. A adana, a rufe, a sake buɗewa da manhajar da za a yi aikin ƙarshe da ita, sannan a nemi Æ da É da â€ da alamar tambaya a farko ko tsakiyar kalma. Ban da sunayen Faransanci da kan zo da É a labaran Nijar, waɗannan ba su da gurbi a rubutun Hausa, don haka bayyanarsu na nuna cewa ɗaya daga cikin ƙofofin uku tana bukatar a faɗa mata `utf-8`.