Hudar saman kunne: yadda ake gane ciwon guringuntsi kafin ya lalata kunne

Hudar da aka saba yi wa jariri mace a leɓatun kunne, wato naman nan mai taushi na ƙasa, ba kasafai take ba da wahala ba, domin wurin cike yake da jini, kuma yakan warke cikin mako 6 zuwa 8. Amma 'yan mata a Garuwa da Marwa, har tsallaken iyaka a Yola da Mubi, suna ƙara huda ta biyu da ta uku a saman kunne, musamman gab da salla ko biki. Wannan wurin dabam yake da leɓatu. Abin da ke tsayar da shi guringuntsi ne, kuma guringuntsi ba shi da hanyoyin jini na kansa. Yana samun abincinsa ne daga wata siririyar yana da ta lulluɓe shi gaba da baya. Shi ya sa hudar sama take jinkirin warkewa, daga wata 4 har zuwa shekara guda.

Idan ƙwayar cuta ta shiga, mugunya takan taru tsakanin yanar da guringuntsin, ta raba su. Da zarar sun rabu, guringuntsin ya rasa abinci, sai ya mutu, ya narke, kunnen ya lanƙwashe ya cukurkuɗe. Wannan nakasa ba ta komawa da kanta, kuma gyaranta sai da tiyata mai wuya. Duk wannan na iya faruwa cikin 'yan kwanaki.

Ƙwayar cutar da ta fi jawo haka ana kiranta Sudomonas. Tana son danshi: ruwan da ya kwana a buɗaɗɗen mazubi, jiƙaƙƙen tawul, ruwan kogi. A shekarar 2000, a jihar Oregon ta Amurka, an tabbatar da ita a kunnen mutum 7 da aka yi wa huda a shago ɗaya, dukkansu a saman kunne. Da masu bincike suka duba, sai suka same ta a cikin kwalbar maganin wanke fata da ake ƙara cikawa ana sake amfani da ita. Ke nan ba tsatsar allura kaɗai ce abin tsoro ba, har ruwan da ake goge kunnen da shi. A Garuwa kuwa, inda zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40, gumi na taruwa ƙarƙashin ɗankwali da hijabi, yara kuma na wanka a Binuwai, sabuwar huda ba ta rasa danshin da wannan ƙwaya ke nema.

Alamun da za ki lura da su

A kwana biyu ko uku na farko, ɗan ja da ɗan zafi a bakin hudar ba abin damuwa ba ne, haka ma ɗan ruwa fari-fari da ke bushewa ya zama ɓawo. Abin lura shi ne ko yana raguwa ko yana ƙaruwa.

A ɗauki misalin yarinya 'yar shekara 16 da ƙawarta ta huda mata saman kunne da barima mai tsini. Mako na farko lafiya lau. A rana ta 10 kunnen ya fara zogi, ta kasa kwanciya a kansa. A rana ta 12 duk saman kunnen ya kumbura, ya yi ɗumi, yana sheƙi, lanƙwasoshinsa sun shafe, amma leɓatun yana nan yadda yake. Wannan ita ce babbar alama: kumburin ya bi inda guringuntsi yake, ya tsallake inda babu shi. A fata mai duhu ja ba ya fitowa sosai, don haka a kwatanta da ɗaya kunnen, a ji ɗuminsa da bayan yatsa. Aka sayo mata amoksisilin, ta sha kwana uku, ba sauƙi. A rana ta 15 wani wuri ya yi luguf kamar akwai ruwa a ciki, mugunya mai ɗan kore tana fita. A ranar 12 ya kamata a kai ta asibiti, lokacin da ƙwayar magani kaɗai na iya wadatarwa. A ranar 15 sai an tsaga an fitar da mugunyar.

Amoksisilin bai yi aiki ba ne domin Sudomonas ba ta jin sa, haka kuma ampisilin da kuloksasilin da aka saba saye don ƙuraje. Maganin da likitoci suka fi bayarwa shi ne sifurofuloksasin, amma ma'aikacin lafiya ne zai tsara yawansa da kwanakinsa. A gaya masa idan akwai ciki, ko ana shayarwa, ko mai ciwon yarinya ce ƙarama. Ba a haɗa shi da madara, ko maganin gyambon ciki, ko ƙwayar ƙarin jini a lokaci ɗaya, domin suna hana shi shiga jiki. Idan bayan kwana biyu ba a ga sauƙi ba, a koma.

Zazzaɓi, ko kaluluwa a wuya, ko kumburin da ya bazu zuwa fuska, ko mai ciwon suga, ko mai cutar da ke karya garkuwar jiki: waɗannan a nufi Asibitin Yanki na Garuwa ko asibitin gunduma mafi kusa a ranar. Kada a matse, kada a huda da allura a gida, kada a kai wa wanzami ya tsaga. Cire ɗan kunnen ma a bar wa ma'aikacin lafiya, domin in ya nutse cikin kumburi, fizgar sa na ƙara yaga wurin. Wadda ta fara magani a wani gefen iyaka ta riƙo kwalinsa, tunda sunan da ke jiki yakan bambanta tsakanin Kamaru da Najeriya.

Huda da kula da ita

Mafi aminci shi ne ma'aikacin lafiya ya yi hudar da sabuwar allura da aka ɓare daga ledarta a gabanki. Bindigar huda ba ta dace da saman kunne ba: tana farfasa guringuntsi, kuma ba a iya dafa ta a kashe ƙwayoyin cuta. Allura ɗaya ga mutum biyu kuwa hanya ce ta ciwon hanta da cutar ƙanjamau. Ɗan kunnen farko ya zama na zinariya ta gaske ko ƙarfen da ba ya tsatsa, mai ɗan tsawo, kada a matse makullinsa. Zare da tsinke suna riƙe danshi, ba su dace da nan ba. A kuma tambaya ko rigakafin tetanas bai daɗe ba.

Wankewa sau biyu a rana ya isa. A fara wanke hannu da sabulu. A yi amfani da ruwan gishirin asibiti da ake sayarwa a farmasi cikin ƙananan robobi, irin wanda ake wanke wa jarirai hanci da ido, a buɗe sabo kowane lokaci. In babu, a tafasa ruwa lita ɗaya da gishiri giram 9, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya da rabi a shafe, a bar shi ya huce a rufe, a zubar da ragowar washegari. A jiƙa ɓawon har ya yi laushi, a goge, sannan a busar da wurin da bandeji mai tsabta.

Kada a riƙa juya ɗan kunnen, ko da yake iyaye sun saba cewa a juya kada ya manne. Juyawar tana tsaga sabuwar fata, tana tura datti ciki. Man kaɗanya, man shanu, toka, kananzir da man goge baki duk ba su da wuri a kan sabuwar huda. A ɗaura ɗankwali sako-sako, a sauya shi in ya jiƙe da gumi, a kwanta ta ɗaya gefen, a kuma sanar da mai kitso kafin ta fara. Wanka a kogi ko a tafkin Lagdo a dakata da shi har sai wurin ya daina fitar da ruwa da ɓawo.